Gwajin raba maziyarta: mutum nawa, kuma yaushe za a tsaya?

A shekarar 2012, wani injiniya a kamfanin Microsoft ya gwada tsawaita kanun tallace-tallace a shafin bincike na Bing. Kuɗin shiga ya ƙaru da kashi 12 cikin ɗari. An gano haka ne ta hanyar raba maziyarta gida biyu da ƙuri'a: wasu su ga tsohon tsari, wasu sabo, sannan a kwatanta.

Tun kafin a fara ake yanke yawan mutanen da za a gwada. A ce kashi 5 cikin ɗari na masu leƙa wani kantin intanet ne ke saye, mai kantin kuma yana son gane ko sabon maɓalli zai kai su kashi 6. Bisa ƙa'idar da aka saba, kowane ɓangare na buƙatar maziyarta kusan 8,000. In rabin wannan ƙarin yake nema, adadin zai ninka sau huɗu, ya haura 30,000, domin ƙaramin bambanci yakan ɓace cikin hawa da saukar ciniki.

Babban tarkon shi ne gaggawa. Wanda ke leƙa sakamako kullum, ya tsayar da gwaji da zarar sabon maɓalli ya yi gaba, yana yaudarar kansa. An amince da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, amma leƙe biyar na kai shi kusan 14, leƙe goma kusan 19. Wanda dole sai ya leƙa, ya bi tsarin Pocock na 1977: a leƙe biyar, ma'aunin amincewa ya sauka daga 0.05 zuwa 0.016. Gwajin kuma ya cika mako, don cinikin Juma'a daban yake da na Litinin.