Sifilin da ke yaudarar kwamfuta

Akwai hanyar koyar da kwamfuta wadda ba a gaya mata amsa. Ana sakinta cikin aiki ne, ta yi motsi, a ba ta maki ko a hana ta, har ta gano da kanta abin da ya fi kawo riba. Ɗaya daga cikin sanannun dabarun wannan fanni ita ce Q-learning, wadda Christopher Watkins ya fito da ita a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Cambridge a 1989. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Wahalar tana cikin tambayar da take biyo ta: yaushe kwamfuta za ta ci moriyar abin da ta riga ta sani, yaushe kuma za ta shiga lalube?

Mu ɗauki ɗakuna biyar a jere: A, B, C, D, E. Kullum ana ajiye kwamfutar a ɗakin B, kuma motsi biyu kawai take da shi, hagu ko dama. In ta shiga A, ta sami maki 1, wasa ya ƙare. In ta kai E, ta sami maki 10, wasa ya ƙare. Ɗakunan tsakiya ba su ba da komai. Mu da muke kallo daga sama mun san inda arzikin yake. Ita ba ta sani ba. Abin da ke hannunta jadawali ne, inda kowane ɗaki da kowane motsi ke da lamba ɗaya mai suna Q, wato kiyasinta na ribar wannan motsi a wannan ɗaki. Da farko duk lambobin sifili ne. Bayan kowane taku sai ta gyara lamba ɗaya tak, ta motsin da ta yi yanzu:

```
Q ← Q + α × (r + γ × maxQ' − Q)
```

A nan r shi ne makin da ta samu, maxQ' kuma lamba mafi girma a ɗakin da ta faɗa. Alamar α tana nuna yawan gyaran da za a yi a karo ɗaya. Mu sa ta 0.5, wato a rufe rabin tazarar da ke tsakanin tsohon kiyasi da sabon labari. Alamar γ kuwa tana rage darajar ribar da sai an jira ta. Mu sa ta 0.9.

A wasan farko lambobin B duka sifili ne, sai ta yi canki, ta yi hagu. Ta sami maki 1, lambar hagu ta zama 0.5. A wasa na biyu hagu ya fi dama, sai ta sake yin hagu: 0.75, sannan 0.875, tana ta kusantar 1. To in dokarta ita ce bin lamba mafi girma a kullum, ta gama koyo ke nan. Ko wasa miliyan za ta buga, hagu za ta yi. Lambar dama tana nan a sifili, ba don dama ba ta da amfani ba, sai don ba a taɓa taka ta ba. Hakikanin darajarta 8.1 ce, wato 0.9 × 0.9 × 10, fiye da ninki takwas na abin da kwamfutar ta rungume. Jadawalin ba ya bambanta "na gwada, babu komai" da "ban taɓa gwadawa ba". Duka biyun sifili yake rubutawa. Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma maganar tana da gaskiyarta, amma wannan kwamfuta ba ta ma san akwai akurkin ba.

Maganin da aka fi amfani da shi shi ne a tilasta mata kuskure da gangan. Ana zaɓar wata lamba, ε, a ce 0.1. Sau tara cikin goma ta bi jadawali, sau ɗaya ta rufe ido ta yi canki. Tunda motsin biyu ne, rabin cankin zai faɗa dama, don haka kusan sau ɗaya cikin ashirin za ta leƙa ɗakin C.

Nan ne mai sabon koyo yake zaton matsala ta ƙare, alhali yanzu ta fara. A C babu maki. In ta juya hagu ta koma B, inda akwai lamba mai kusan 1, sai lambar hagu ta C ta zama 0.45, ta kuma ci gaba da hawa zuwa 0.9. Ma'ana, ɗan makin nan na A ya miƙo hannu har cikin C yana jawo ta baya. Daga nan, kafin ta kai D sai canki ya faɗa dama sau biyu a jere, kuma damar hakan ɗaya ce cikin 400. A ƙara ɗaki ɗaya irin wannan a hanya, ta koma ɗaya cikin 8,000.

Amma ranar da ta taka E, labarin yakan sauya da sauri. Lambar dama ta D ta tashi daga sifili zuwa 5. Karo na gaba da ta tsallaka daga C zuwa D, lambar dama ta C, in tana sifili, za ta zama 2.25, ta wuce 0.9 ɗin da ke janta baya. Sannan leƙe ɗaya daga B ya isa ya ɗaga lambar damarsa sama da 1. Labarin ribar yana tafiya ne da baya da baya, ɗaki ɗaya a kowace ziyara. Watkins da Peter Dayan sun tabbatar a 1992 cewa lambobin za su kai ga gaskiya, amma da sharaɗi: a yi ta gwada kowane motsi a kowane ɗaki ba iyaka, ana kuma rage α sannu a hankali. Sharaɗin nan shi ne mutane suka fi mantawa.

Lalube kuwa ba kyauta ba ne. Ko bayan ta gane hanya, ε na 0.1 zai ci gaba da jefa ta A lokaci-lokaci, ta karɓi 1 a madadin 10. Shi ya sa ake farawa da ε babba a riƙa rage shi. Da kamfanin DeepMind ya haɗa Q-learning da babbar manhajar kiyasi a wasannin Atari 49, a aikin da mujallar Nature ta buga a 2015, sun fara da ε a 1, canki zalla, suka sauko da shi zuwa 0.1. A wasanni da dama kwamfutar ta kamo ƙwararren ɗan wasa ko ta wuce shi. A Montezuma's Revenge kuwa, inda sai an sauka tsani, an yi tsalle, an kauce wa haɗari kafin a ɗauki makullin da ke ba da makin farko, sifili ta ci. Matsalar ɗakunanmu biyar ce, ta yi tsawo.

A ganina, ga ƙaramin aiki irin namu, akwai dabarar da ta fi canki wayo: a fara jadawalin da lamba mai yawa, a ce 20, maimakon sifili. In ta yi hagu ta sami 1, lambar ta faɗo zuwa 10.5, sai dama, da ke nan a 20, ta fi jan hankali. Duk abin da ta gwada darajarsa na raguwa, wanda ba ta gwada ba yana kiranta. Iyakar dabarar ita ce sai ka san kimanin girman ribar tun farko, kuma in aikin ya sauya daga baya, wannan zumuɗi ya riga ya ƙare.

Yaya za ka gane kwamfutarka ta maƙale? Maki kaɗai ba zai gaya maka ba, domin makin da ya tsaya cak a 1 yana kama da na wanda ya ƙware. Ka ajiye jadawali na biyu mai ƙirga sau nawa aka gwada kowane motsi a kowane ɗaki. In ka ga hagun B yana da dubbai, damar D kuwa ba ta da ko ɗaya, to lambar Q da ke wurin ba kiyasi ba ce, abin da ka rubuta da hannunka ne tun farko. Sai ka ɗaga ε, ko ka jinkirta rage shi, ko ka sauya lambar farawa, ka sake gudanar da wasan sau da yawa ka ga ko duk suna ƙarewa a E.