Fiffike ko Farfela: Jirgin da Ya Dace da Safiyon Babban Fili

A shekarar 2016 gwamnatin Zanzibar, da tallafin Bankin Duniya, ta fara zana sabuwar taswirar tsibiranta daga sama. Ƙananan jirage marasa matuƙi aka ba ɗalibai da ma'aikatan filaye, amma ba irin masu farfela huɗu da ake gani a wajen biki ba. Sun yi aiki da eBee na kamfanin senseFly na ƙasar Suwizalan, jirgi mai fikafikai da farfela ɗaya tak a baya, wanda mutum ke cilla shi sama da hannu. Me ya sa suka zaɓi wannan?

Amsar tana cikin yadda kowannensu ke riƙe kansa a sama. Mai farfela huɗu da ƙarfin batir kaɗai yake ɗaukar nauyinsa, ko yana tafiya ko yana tsaye cak. Shi kuwa mai fikafikai kamar shirwa yake: iskar da ke bin fikafikansa yayin tafiya ita ke ɗauke da shi, aikin farfelar kawai ta tura shi gaba. Shi ya sa Phantom 4 RTK na kamfanin DJI ke yin kimanin minti 30 a sama, alhali eBee X na iya kaiwa minti 90 da babban batirinsa.

A ɗauki gonar noman rani mai hekta 1,000 a matsayin misali. Jirgin zai tashi mita 120 sama, ya riƙa kai da komo a layi-layi kamar mai huɗa. A wannan tsayi, a ce kowane hoto yana kama faɗin mita 180 na ƙasa. Dole hoton wannan layi ya maimaita kusan kashi 70 cikin 100 na layin da ke kusa, domin da abubuwan da suka fito a hotuna da yawa ne kwamfuta ke ɗinke taswirar. Saboda haka tazarar layi da layi mita 54 ce, kuma kafin a gama gonar sai jirgin ya yi tafiyar kilomita 185.

A nan bambancin ke fitowa fili. Mai farfela huɗu da ke gudun mita 10 a daƙiƙa, idan aka cire lokacin tashi da dawowa da ɗan cajin da ake ragewa don tsaro, minti 20 ne na aiki, wato kilomita 12. Sai ya tashi sau 16. Kowace sauka sai an canza batir, kuma yawan sawun yakan ja aikin ya shiga rana ta biyu, inda haske da inuwa suka sauya, taswirar ta fito da dabbare-dabbare. Mai fikafikai da ke gudun mita 15 a daƙiƙa na tsawon awa guda yana cin kilomita 54, don haka sawu 4 ya ishe shi.

Sai dai fiffike na da nasa sharuɗɗan. Jirgin ba ya iya tsayawa wuri ɗaya, kuma idan gudunsa ya ragu fiye da kima, fikafikan sukan daina ɗaukarsa, hancinsa ya sunkuya ya faɗo. A kan cikinsa yake sauka, yana fuskantar iska, don haka tun kafin a tashe shi sai mai safiyo ya taka fili da ƙafarsa ya tabbatar babu itace, wayar lantarki ko kututturen dawa a hanyar sauka. Tsakuwa da kunyoyin gona kan farfasa jikinsa da gilashin kyamara.

Iska ma abar lura ce. Idan layukan suka bi hanyar da take kaɗawa, jirgin zai yi ta jan jiki a tafiya, ya dawo a guje, hotunan dawowar su yi nisa da juna har taswira ta fito da giɓi. Masu aikin sukan tsara layuka su gitta iskar, sannan su duba hotunan tun suna filin, kafin a naɗe kaya.

Inda wurin sauka ya yi ƙaranci akwai irin su WingtraOne, wanda ke tashi a tsaye, sannan ya kwanta ya yi tafiya da fikafikai na kusan awa guda, amma ya fi tsada. Idan kuma aikin unguwa ɗaya ne, ko ramin fasa dutse na hekta 30 da ake son ganin bangonsa kurkusa, batir ɗaya na mai farfela huɗu ya isa, kuma daga bayan a-kori-kura ma zai iya tashi.