Me ya sa mai tsayuwa gaban taga ke fitowa baƙi wuluk a hoto?

Amarya ta sha kwalliya ta tsaya gaban taga da rana tsaka, amma da aka ɗauki hoto sai fuskarta ta yi baƙi ƙirin.

Laifin na ma'aunin hasken kyamara ne. Tsarin da Nikon ke kira Matrix, Canon kuma Evaluative, yana duba hoton gaba ɗaya, ya nemi matsakaicin haske. Da ya ga taga tana walƙiya sai ya rage hasken, fuska ta nutse cikin duhu.

Gyara mafi sauƙi shi ne madannin nan mai alamar +/-. A tsarin P ko A, mai hoto zai murɗa zuwa +1, wanda ke ninka hasken sau biyu. In fuskar ba ta fito ba, ya kai +2, ninki huɗu ke nan. Tagar za ta ƙone fari fat, amma ai amarya aka zo ɗauka.

Wasu sun fi son Spot, wanda ke auna ɗan ɗigo kawai. A ɗora shi kan kunci, a kulle awon da AE-L, sannan a daidaita hoton. In fatar baƙa ce, kyamara za ta kwaɓe ta da haske, sai a koma wajen -1.