Ja da kore a allon mai kanti: yadda launi ke kambama bambancin da bai taka kara ya karya ba

A shekarar 1873 wani masanin ƙididdiga ɗan Faransa, Toussaint Loua, ya wallafa kundin alƙaluman mazauna birnin Paris. A ciki ya jera gundumomin birnin ashirin a jadawali, ya shafa wa kowane gurbi launi gwargwadon girman adadin da ke cikinsa, don mai karatu ya gane inda abu ya yi yawa ba sai ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Irin wannan zane shi ake kira taswirar zafi, kuma tun daga fitowar Excel ta 2007 duk mai kwamfuta zai iya yin ta cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Masu kantuna, gidajen abinci da shagunan magani suna amfani da ita don sanin lokacin da jama'a suka fi zuwa. Ana jera ranakun mako bakwai a sama, awoyi a gefe, a rubuta yawan waɗanda suka zo a kowane gurbi. Kantin da ke buɗewa ƙarfe 8 na safe ya rufe 8 na dare yana da gurabe 84. Da wannan jadawali ake yanke shawarar yaushe za a ƙara ma'aikaci, yaushe za a sauke kaya, yaushe za a saki yara su tafi cin abinci. Sai dai launin da manhaja ke zaɓa da kanta yakan nuna tazara mai girma a inda ƙasa take a shimfiɗe.

A ɗauki misalin wani shagon magani. Mai shagon ya tara rasiɗan makonni huɗu, ya fitar da awa da rana daga lokacin da ke jikin kowane rasiɗi da `=HOUR(A2)` da `=WEEKDAY(A2,2)`, ya haɗa su a `PivotTable`, ya raba kowane gurbi gida huɗu don samun matsakaici. Da farko ya duba awoyin rana kaɗai, Litinin zuwa Alhamis, daga 9 na safe zuwa 4 na yamma, gurabe 28. Mafi ƙanƙanta a cikinsu mutum 38 ne a awa, mafi girma 46. Ya shiga `Conditional Formatting`, ya zaɓi `Color Scales`, ya taɓa na farko a jerin, mai kore da rawaya da ja.

Nan take allo ya ɗauki ado. Talata da ƙarfe 11, mai mutum 38, ta yi ja wur. Laraba da ƙarfe 2, mai 46, ta yi kore shar. Wanda ya gani zai rantse Talata kasuwa ta mutu, Laraba kuwa ana turereniya a bakin kanta.

Abin da ya faru shi ne, manhajar ba ta san ko mutum takwas suna da yawa ba. Umarnin da aka gina ta a kai shi ne ta ba lamba mafi ƙanƙanta ƙarshen launi ɗaya, mafi girma ɗaya ƙarshen, ta shimfiɗa sauran a tsakani. Ko tazarar mutum biyu ce, ko ɗari biyu, jan da koren iri ɗaya za su fito.

Shin mutum takwas ɗin ma bambanci ne na gaske? Masana ƙididdiga suna da ma'auni mai sauƙi game da abubuwan da ake ƙirgawa, kamar shigowar mutane ɗaya bayan ɗaya. Ko da babu abin da ya sauya a kasuwa, adadin zai riƙa hawa da sauka da kimanin lambar da in aka ninka ta da kanta take ba da adadin. A Excel, `=SQRT(42)` na ba da kusan 6.5. Wato awar da ta saba samun mutum 42 za ta iya samun 36 yau, mako mai zuwa 48, ba don wani dalili ba. Idan aka haɗa makonni huɗu, wannan kai-komo yana raguwa da rabi, ya koma kamar mutum uku. Makonni goma sha shida sukan mayar da shi ƙasa da biyu. A cikin gurabe 28 masu kai-komon mutum uku sama ko ƙasa, ba abin mamaki ba ne a sami wani ya faɗo 38 wani ya hau 46. Kuma wannan lissafi mafi ƙarancin kai-komo yake nunawa, don ruwan sama da ƙarshen wata da ranar kasuwa duk suna ƙara nasu.

Akwai tarko na biyu da ba a cika lura da shi ba. Ma'aunin nan mai launi uku yana ajiye rawaya a kan `Percentile` 50, wato lambar da ke tsakiyar layi idan aka jera gurabe daga ƙarami zuwa babba. A ce mai shagon ya faɗaɗa zanen zuwa mako gaba ɗaya: mafi ƙanƙanta 30, na tsakiya 42, mafi girma 90 a yammacin Asabar. Daga ja zuwa rawaya mutum 12 ne kacal, daga rawaya zuwa kore kuwa 48. Kenan a ɓangaren ƙasa mutum ɗaya yana sauya launi ninki huɗu na abin da yake sauyawa a ɓangaren sama. Ƙananan bambance-bambancen safiya sun cika ido, alhali tazarar da ke tsakanin 70 da 90, wadda ita ce ke jawo dogon layi, ta koma kore da ɗan'uwansa kore.

Gyaran bai da wuya. A `Color Scales` ɗin, sai a shiga `More Rules`, a zaɓi `2-Color Scale`. A ƙarƙashin `Minimum` a mayar da `Type` zuwa `Number` a rubuta 0, a ba shi fari. A ƙarƙashin `Maximum` a yi haka nan, a rubuta 100, a ba shi shuɗi mai duhu. Yanzu 38 da 46 sun zama shuɗi biyu makusanta da sai an ƙura ido za a bambance, yammacin Asabar kuwa ya fito da duhunsa. Tun da ma'aunin ya fara daga sifili, gurbi mai 80 yana samun ninkin launin mai 40, kamar yadda lambobin suke. Google Sheets ma tana ba da damar rubuta lamba a `Minpoint` da `Maxpoint`.

Dalilin zaɓen launi ɗaya mai tafiya daga haske zuwa duhu yana cikin yadda ido ke aiki. Kowa ya san duhu ya fi haske nauyi ba sai an gaya masa ba, amma babu wanda aka haifa da sanin ko rawaya ta fi kore girma. Cynthia Brewer, masaniyar zanen taswira a Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka, wadda ta samar da ColorBrewer, ta kasa ma'aunan launi gida uku: masu hawa a jere, masu rabuwa biyu daga tsakiya, da masu bambance rukunoni. Yawan masu zuwa kanti na gidan farko ne. Mai rabuwa biyu yana da amfani ne idan tsakiyar tana da ma'ana, misali idan ana gwada wannan wata da wanda ya gabata, sifili a tsakiya, ƙari a gefe ɗaya, ragi a ɗayan, kuma nisan gefunan biyu daidai.

Launukan bakan gizo sun fi kowanne ruɗi, domin haskensu ba ya tafiya a jere: rawaya tana ƙyalli a tsakiyar hanya, sai ido ya ga iyaka a wurin da lambobi ke tafiya sumul. Wannan ya sa MATLAB ta sauya launin da take fara bayarwa a 2014, matplotlib kuma ta koma ga `viridis` a 2017. Haɗin ja da kore yana da tasa illar, don su ne launukan da masu matsalar bambance launi, akasarinsu maza, suka fi rikitawa, kuma idan aka buga zanen da baƙin tawada, gurbi mafi cunkoso da mafi ƙarancin mutane sukan fito toka-toka kusan iri ɗaya.

Ko an gyara ma'auni, lambobin kansu na iya jawo launin ƙarya. Wata mai kwana 31 yana da ranaku uku da ke zuwa sau biyar, sauran sau huɗu. Wanda ya yi jimilla maimakon matsakaici zai ga waɗannan ranaku sun fi duhu da kashi 25 cikin ɗari, alhali kalanda ce ta ƙara musu. Haka nan lokacin da shago yake rufe, kamar awar sallar Juma'a, a bar gurbin fayau, kada a rubuta 0, domin rufe ƙofa daban, rashin masu saye daban. Watan azumi kuwa, da ciniki ke karkata zuwa yamma da dare, ya cancanci taswirarsa shi kaɗai. Kuma rasiɗi yana ƙirga wanda ya saya ne, bai san wanda ya ga layi ya juya ba.

Farawa daga sifili ma yana da iyakarsa. Idan rana ɗaya tak, kamar jajibirin Sallah, ta kai 300, aka kuma ɗaga ƙarshen ma'auni dominta, duk sauran gurabe za su koɗe su zama kusan fari. Abin da ake yi shi ne a tsayar da ƙarshen a 100, duk abin da ya haura ya ɗauki launi mafi duhu, a rubuta hakan a ƙarƙashin zanen. Sannan a riƙe wannan iyaka a kowane wata da kowane reshe. In ba haka ba, reshen da ke samun mutum 20 a awarsa mafi cika zai fito da duhu ɗaya da mai samun 90.

Wasu sukan raba launin mataki-mataki bisa ƙarfin ma'aikata. Idan mutum ɗaya na iya sallamar masu saye 25 a awa, sai a yi matakai huɗu: har zuwa 25, zuwa 50, zuwa 75, da abin da ya haura. A misalin shagon maganin, gurabe 28 na awoyin rana duk sun faɗa mataki na biyu, ma'aikata biyu sun ishe su, yammacin Asabar kuma yana neman huɗu. Raunin wannan hanya yana bakin iyaka, inda 50 da 51 za su sami launi daban duk da mutum ɗaya ne tsakaninsu, shi ya sa ake barin lambobin a rubuce cikin gurabe.

Kafin a taɓa jadawalin aikin kowa, akwai gwaji guda da ya rage. A raba bayanan gida biyu, makonnin farko da na baya, a zana kowanne da ma'auni ɗaya, a ajiye su kusa da juna. Duhun yammacin Asabar, idan na gaske ne, zai bayyana a duka biyun a wuri guda. Idan kuwa gurbin da ya fi haske a zanen farko Talata ce da ƙarfe 11, a na biyu ya koma Alhamis da ƙarfe 3, to mai shagon ya bar ma'aikatan Talata yadda suke, ya ci gaba da tara rasiɗai har makonni su kai goma sha shida.