Yadda Ake Sauya Bayan Hoton Kaya Ba Tare da Ido Ya Gane Ba

Sauya bayan hoton kayan sayarwa shi ne a cire abu daga wurin da aka ɗauke shi a ɗora shi a wani wuri. Yankan ba shi da wuya. Abin da ke ba da wahala shi ne hasken tsohon wurin, wanda ke biyo abin a gefensa da inuwarsa da ƙyallinsa. Kwalbar turare da aka ɗauka a kan teburin katako, taga na hagu da ita, ana son mayar da ita kan farin dutse mai sheƙi, ta haɗa duk waɗannan matsaloli.

Tun kafin a taɓa kwalbar ake zaɓen sabon wurin. Dole haskensa ya fito daga hagu, kuma a ce daga tsayi ɗaya aka ɗauki hotunan biyu. Idan ana hango saman murfin kwalbar alhali dutsen daga gefe aka ɗauke shi, babu gyaran da zai sa su dace.

Abu mai santsin gefe ya fi yankuwa da Pen Tool a Photoshop, ko Paths a GIMP. Ana bin layin da fiksel ɗaya ko biyu ta cikin jikin kwalbar, domin fiksel ɗin bakin gefe gauraye suke da launin katako. In aka bar su, wani siririn zare ruwan ƙasa zai kewaye ta a kan farin dutse. Feather na rabin fiksel zuwa ɗaya ya isa ya tausasa yankan, kada ya yi kama da aikin almakashi. Da Layer Mask ake ɓoye bayan, ba a goge shi, don a iya dawo da abin da aka yanke bisa kuskure.

A wajen inuwa yawancin ayyuka ke lalacewa. Inuwa biyu ce: baƙa siririya daidai inda gindin kwalbar ya taɓa teburi, da doguwa wadda ta miƙe dama, tana ƙara dusashewa yayin da take nisa. Rashin ta farkon ne ke sa abu ya zama kamar yana shawagi a iska. Mutane da yawa kan danna Drop Shadow su wuce, amma wannan inuwa ce ta abin da aka manna a bango, ba ta abin da ke tsaye a kan teburi ba.

Inuwar asali ta fi duk wadda za a zana, saboda haka gara a adana ta. Ana kwafin hoton a ajiye shi a ƙarƙashin kwalbar da aka yanke, a cire launinsa da Desaturate, sannan a ja Levels har teburin ya yi fari fat, inuwar kaɗai ta rage. Da an sa wannan kwafi a Multiply, farin zai ɓace, duhun ya kwanta a kan dutsen. Dabarar tana da iyaka: idan katakon baƙi ne ko mai zane-zane, zanensa zai biyo inuwar. A nan sai an zana ta da burushi mai laushi, a ƙara mata Gaussian Blur a can ƙarshenta, a bar gindinta da kaifi.

Gilashi yana nuna abin da ke bayansa, don haka katakon na nan cikin kwalbar ko bayan yanka. Ana rage launin ruwan ƙasar a wuraren da babu turare, a ɗan buɗe su da burushi mara ƙarfi har dutsen ya leƙo. Farin ƙyallin tagar da duhun gefen gilashin kuwa ba a taɓa su, domin su ne ke nuna kaurin kwalbar. Launin turaren ma haka. Abin da mai saye ya gani shi ya kamata ya karɓa.

Dutse mai sheƙi yana haska abin da ke kansa. Ana kwafin kwalbar a kifa ta da Flip Vertical, a haɗa gindi da gindi, a rage Opacity zuwa wajen kashi 20 cikin ɗari, a sa ta dusashe zuwa ƙasa. Gindin kwalba mai zagaye yakan lanƙwasa a hoto, sai kifaffen kwafin ya taɓa shi a tsakiya kawai, gefe biyu su bar giɓi. Da Warp ake lanƙwasa shi ya rufe.

Wajen dubawa ana faɗaɗa hoton zuwa kashi 200, a sa baƙin leya a bayansa na ɗan lokaci, sannan fari, don ragowar tsohon launi ta bayyana. Daga nan a ƙanƙanta shi zuwa girman allon waya, inda kuskuren inuwa ya fi saurin fitowa.