Ranar da Laccar Sabon Farfesa Ta Tayar da Garin Jena

Da yammacin Talata, 26 ga Mayu 1789, mutanen garin Jena na ƙasar Jamus suka ga ɗaruruwan ɗalibai suna sheƙa gudu a titi, har wasu suka ɗauka gobara ce ta tashi. Ba gobara ba ce. Sabon farfesa ne zai yi laccarsa ta kama kujera, ɗakin da aka tanada bai ɗauki ko rabin jama'a ba, sai aka ce a koma zauren malamin addini Griesbach, wanda ya fi kowane girma a garin. Kowa yana gudu ne don ya sami wurin zama. Zauren yana cin mutum 300 zuwa 400, amma sai da ya cika har bakin ƙofa.

Farfesan shi ne Friedrich Schiller, ɗan shekara 29. Likitanci ya karanta a makarantar soja ta Stuttgart, suna kuma ya yi shi ne da rubuta wasan kwaikwayo. Abin da ya jawo masa kujerar shi ne littafin da ya fitar a 1788 kan tawayen mutanen Holan ga sarautar Sifaniya, sai kuma sa bakin Goethe, wanda yake da faɗa a ji a fadar Weimar. Kujerar ba ta zo da albashi ba.

Al'adar irin wannan lacca ita ce sabon farfesa ya tsaya gaban abokan aikinsa da ɗalibai da mutanen gari, ya faɗa musu mene ne fanninsa, ta wace hanya ake binsa, kuma me zai yi da shi. A jami'o'in Nijeriya sau da yawa farfesa yakan yi tasa bayan shekaru da samun muƙamin, sai ta zama bitar aikin da ya riga ya yi. Ta Schiller ta farkon shiga ce, kuma tambayar da ya sa a gaba ita ce: mene ne tarihin duniya baki ɗaya, kuma don me ake karanta shi?

Bai fara da tarihin ba. Ya fara da raba masu neman ilimi gida biyu. Akwai mai karatu don cin abinci, wanda burinsa ya sami muƙami, saboda haka yakan yanke duk abin da ba zai fito a jarrabawa ba, kuma duk sabon binciken da ya taso a fanninsa tsoro yake ba shi, don zai rushe abin da ya haddace. Akwai kuma mai zurfin tunani, wanda kullum yake neman inda fanninsa ya haɗu da na wasu, sabon abu kuma farin ciki yake sa shi. Sai mutum ya tuna cewa baƙo ne yake wannan magana a garin da tsofaffin farfesoshi suka daɗe suna cin abinci da kujerunsu.

Inda laccar ta fi nauyi shi ne bayanin yadda ake aikin. Schiller ya ce abubuwan da suka faru suna gangarowa ne daga da zuwa yau, amma mai nazarin tarihin duniya daga yau yake farawa ya yi baya. Ya ɗauki mutanen da suke zaune a gabansa ya yi misali da su. Kiristoci ne 'yan Furotesta, a jami'a, cikin zaman lafiya. Kafin wannan zama ya yiwu, sai da addinin Kirista ya yaɗu a daular Rum, sai da lalacewar fadar Fafaroma ta ingiza Martin Luther ya tayar da gyara, sai da sarakunan Jamus suka tilasta wa sarkin sarakuna Charles na Biyar ya yarda da sulhun addini, sai da Gustav Adolf, sarkin Suwidin, ya shigo da yaƙi don kare wannan sulhu. Abin da ya taimaka wajen gina yau shi ake ɗauka, saura a ajiye. Da wannan ma'auni ya ce ake zaɓe a cikin tarin labaran da suka wuce.

Daga nan ya lissafa giɓin da yake cikin sanin ɗan Adam. Abin da ya faru kafin a iya magana ya ɓace. Abin da aka riƙe da baki kafin rubutu yana sauyawa daga tsara zuwa tsara. Abin da aka rubuta ma, wuta da yaƙi da tsufa sun cinye mafi yawansa, ɗan abin da ya tsira kuma son rai da jahilcin marubuta sun gurɓata shi. Saboda haka abin da yake hannu tarin gutsattsari ne. Shawararsa ita ce hankali ya ɗinke su: tunda halin mutum ɗaya ne a kowane zamani, ana iya kwatanta abin da ba a sani ba da abin da aka sani, har a ɗora wa tafiyar tarihi manufa.

A nan ne ƙafarsa ta zame. Wanda ya fara daga yau, ya zaɓi abin da ya kai ga yau kawai, ba wuya ya mayar da kansa ƙololuwar tarihi. Schiller ya siffanta al'ummomin da matuƙan jiragen ruwa na Turai suka tarar a nesa da yara masu shekaru daban-daban tsaye kewaye da babban mutum, babban kuwa Bature ne. Bai taɓa taka ko ɗaya daga waɗannan ƙasashe ba, labaran matafiya ya karanta. A wannan shekarar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana da kimanin shekara 35, yana karantarwa yana rubutu, amma tsanin Schiller ba shi da matakin da zai ajiye irinsa. Raina tarihin baka ma da ya yi, masana irin su Kenneth Dike da Jan Vansina sun zo a ƙarni na 20 sun nuna yadda ake tace shi a yi aiki da shi.

Ya kuma gaya wa masu sauraro cewa ƙasashen Turai sun zama kamar iyali guda, waɗanda za su iya yin gaba amma ana fata ba za su ƙara yayyaga juna ba. Makonni bakwai bayan haka, ran 14 ga Yuli, mutanen Faris suka fasa kurkukun Bastille. A 1792 yaƙi ya ɓarke, ya ci Turai fiye da shekara 20, kuma a Oktoban 1806 sojojin Napoleon suka murƙushe na Furusiya a bakin garin Jena ɗin kansa. Schiller bai ga wannan ba, ya rasu a 1805.

Shi ma zamansa a kujerar bai yi armashi ba. Da aka buga laccar a ƙarshen 1789, farfesan tarihi na jami'ar, Heinrich, ya yi ƙorafi cewa Schiller ya kira kansa farfesan tarihi alhali na falsafa aka naɗa shi. Taron farko ya watse, masu zuwa ajinsa suka ragu zuwa 'yan gommai, rashin lafiya mai tsanani da ta kama shi a farkon 1791 kuma ta raba shi da koyarwa kusan gaba ɗaya.

Duk da haka har gobe ana karanta laccar a azuzuwan tarihi, kuma ta cancanta. Lissafinta na giɓin da yake cikin hujjojin tarihi yana nan daram. Tsanin da ta jera al'ummomi a kai kuwa ya karye, kuma hanyar da Schiller ɗin ya yaba, ta farawa daga yau a yi baya, ita ce ta kai shi ga kafa shi.