Bin ɓangaren da ke tashe a kasuwar hannun jari, da sanin lokacin tsayawa

A shekarar 2022 ma'aunin S&P 500, wanda ya ƙunshi manyan kamfanonin Amurka, ya faɗi da kusan kashi 18 cikin ɗari. A wannan shekarar kuma asusun XLE, da ke riƙe da hannun jarin kamfanonin mai da gas kamar ExxonMobil da Chevron, ya haura da fiye da kashi 60. Kasuwa ɗaya ce, amma ɓangarorinta ba sa tafiya tare, kuma a kan wannan ne aka gina dabarar sauya jari daga ɓangare zuwa ɓangare.

A watan Disamba na 1998 aka ƙaddamar da asusai tara masu suna Select Sector SPDR, kowanne na riƙe da kamfanonin sana'a guda: XLK na fasaha, XLF na bankuna da inshora, XLV na lafiya, XLP na kayan masarufi, da sauransu. Yanzu sun kai sha ɗaya. Ana saye da sayar da su kamar hannun jarin kamfani guda.

A ƙarshen kowane wata mai jari zai duba ribar da kowane asusu ya yi a watanni shida da suka wuce (wasu na auna uku, wasu sha biyu), ya jera su daga na sama zuwa na ƙasa, ya raba kuɗinsa daidai tsakanin ukun farko. Wata na zagayowa ya sake jeri. Wanda ya zame daga ukun a sayar, a sayi wanda ya maye gurbinsa. Hujjar ita ce abin da ya yi ƙarfi a 'yan watannin baya yakan ci gaba da ƙarfi na ɗan lokaci, kamar yadda binciken Moskowitz da Grinblatt na 1999 ya nuna game da masana'antu.

Sai dai jerin yana da makanta. Yana gaya maka wanda ya fi 'yan'uwansa, ba ya gaya maka ko shi ɗin ma asara yake yi. A 2008 duk asusai taran sun faɗi. XLP, da ya fi kowa juriya, shi ma ya yi asarar kusan kashi 15. Wanda ya bi jeri kawai, daga wata asara ya riƙa ƙaura zuwa wata.

Shi ya sa, a ganina, dokar komawa ga tsabar kuɗi ce ginshiƙin dabarar. Kafin a sayi asusu sai ya tsallake gwaji na biyu: ribarsa ta zarce ta takardun bashin gwamnatin Amurka na gajeren zango, irin waɗanda asusun BIL ke riƙewa. Wata hanyar, wadda Mebane Faber ya yayata, ita ce farashi ya kasance sama da matsakaicinsa na watanni goma.

A ce mutum na da dala 9,000. Jerin wannan wata ya ba XLE kashi 14, XLV kashi 6, XLP kashi 1, BIL kuwa ya yi kashi 2. XLE da XLV sun wuce, kowanne ya samu dala 3,000. XLP na uku ne a jeri, amma bai kai BIL ba, don haka kasonsa na dala 3,000 zai zauna a tsabar kuɗi. Ba a miƙa shi ga na huɗu, domin na huɗun ya fi shi rauni. Idan ukun duka suka kasa, kuɗin gaba ɗaya ya fita kasuwa. Mai gudun kuɗin ruwa na iya barin kason a ajiye ba tare da sayen BIL ba, ya yi amfani da shi a matsayin ma'auni kawai. Zai kuma so ya cire XLF daga jerinsa.

Wannan kariya ba kyauta ba ce. Tana aiki idan faɗuwa ta zo a hankali, kamar 2008, inda aka samu watanni na ficewa. A 2020 kuwa S&P 500 ya zube da kusan kashi 34 tsakanin 19 ga Fabrairu da 23 ga Maris, sannan ya miƙe nan take. Wanda dokarsa ta fitar da shi a ƙarshen Maris ya sayar lokacin da ma'aunin ke kusa da 2,585, idan kuma ya dawo ƙarshen Mayu ya tarar da shi sama da 3,000. Ya sayar da araha, ya sake saye da tsada. Haka ma a kasuwar da ke kai-komo ba alkibla: ka ga asusu ya shiga ukun farko wannan wata, ya fita wata mai zuwa, kowane zagaye da 'yar asararsa.

Akwai kuma haraji. A Amurka ribar abin da aka riƙe shekara ɗaya ko ƙasa da haka ana cajinta kamar albashi, dabarar kuwa ba ta cika riƙe asusu har ya shekara ba. Idan wani ya nuna maka sakamakon gwaji a kan farashin shekarun baya, tambaye shi ko ya cire haraji da kuɗin dillali, sannan ka ce ya maimaita gwajin da watanni biyar da bakwai a maimakon shida. Idan ribar ta rushe da wannan ɗan canji, to an zaɓi lambar ne don ta dace da abin da ya riga ya faru.